Agogon gado mai tambarin Rolex: na asali ne ko jabu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Mahaifinmu ya rasu ya bar agogon hannu na ƙarfe fari da ruwan zinariya, an rubuta ROLEX OYSTER PERPETUAL DATEJUST a fuskarsa, can ƙasa kuma T SWISS MADE T. Wani mai gyara ya ce jabu ne, domin bayansa babu rubutu, ba shi da nauyi, kuma ba ya haske da dare, har ya taya shi da ɗan kuɗi. Wani kuma ya ce na asali ne tunda tsinken sakan ɗinsa yana tafiya sumul. Ana jiran rabon gado, hankalina ya tashi. Yaya zan gane?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta. Kada ka sayar, kuma kada ka bari a yi wa agogon kuɗi a cikin lissafin gado tukuna, domin hujjojin mutanen nan biyu babu wadda za a iya dogara da ita.

Na farko ya kawo abubuwa uku da sun fi kusa da zama shaida a gare ka. Murfin bayan Rolex mai jikin Oyster, wato jikin da ke hana ruwa shiga, ƙarfe ne fili, babu suna, babu tambari, babu gilashi, sai tsaga-tsaga ƙanana a kewayensa inda mabuɗin kamfani yake kamawa. Akwai nau'o'i kaɗan da suka fita daga wannan ƙa'ida, kamar Sea-Dweller mai rubutu a baya, amma Datejust na maza ba ya cikinsu. Da ka ce mini an zana kambi babba, wato tambarin Rolex, a bayan, ko ana hango inji ta gilashi, da tun nan na ce maka jabu ne. Rashin haske da dare kuwa, harufan T guda biyu da ke gefen SWISS MADE suna nuna cewa da sinadarin tiritiyam aka shafe tsinkayen, kuma kamfanin ya daina amfani da shi wajen 1998. Ƙarfin wannan sinadari yana raguwa da rabi duk bayan shekara 12 da 'yan watanni, saboda haka agogon da ya haura shekara 25 ya kamata haskensa ya mutu ko ya kusa mutuwa. Idan fuska mai harafin T tana ƙyalli kore shar bayan an haska mata tocila, har ta daɗe tana yi, to ko dai an sake shafe ta, ko kuma ba ta kamfani ba ce. Batun nauyi ma haka yake, domin sarƙar Datejust na wancan zamani mahaɗanta na tsakiya masu rami ne a ciki, tana da sauƙi a hannu, har tana ɗan kacau-kacau idan ta tsufa.

Bayanin da ka bayar ya fi kama da samfuri mai lamba 16233, wanda aka fara yi wajen 1988, mai faɗin milimita 36, ko kuma wanda ya gabace shi mai lamba 16013. Hanyar tabbatarwa ita ce a cire sarƙar. A tsakanin ƙafafun da ke riƙe ta ta wajen ƙarfe 12 an sassaƙa lambar samfuri, ta wajen ƙarfe 6 kuma lambar agogon shi kansa. Lamba 3 da ke ƙarshen 16233 tana nufin ƙarfe haɗe da zinariya rawaya, da 8 ce da zinariya zalla ake nufi. Wannan rubutu a agogon asali siriri ne, mai kaifin gefe, yana walƙiya idan aka karkata shi ga haske, na jabu kuwa sau da yawa da ruwan sinadari ake cin ƙarfen, sai ya fito dishi-dishi mai tsakuwa-tsakuwa.

Daga nan aikin ya koma na gwada sassan agogon da junansu, a ga ko duka shekara ɗaya suke faɗa. A ce lambar agogon ta fara da harafin E. Masu tara agogo sun daɗe da gano cewa wannan harafi na wajen 1990 ne. Agogon 1990 ya dace da fuska mai harafin T, ya dace da gilashin safaya mai kumburi a kan kwanan wata, kuma zoben ƙarfen da ke tsakanin fuska da gilashi dole ya zama fili. Rubutun ROLEX ROLEX da ake jerawa a kewayen wannan zobe sai wajen 2005 ya fara bayyana, ƙaramin kambin da ake zanawa a jikin gilashi ta wajen ƙarfe 6 kuwa wajen 2002. Idan ka ga 16233 mai harafin E da rubutu a zobensa, magana ta ƙare, domin mai yin jabun ya haɗa zamani biyu da ba su taɓa haɗuwa ba. Kambin gilashi shi kaɗai ba ya yanke hukunci, tunda mai yiwuwa an sauya gilashin a wurin gyara.

A fuskar, ka samu madubin ƙara girma irin na maƙeran zinariya ka duba rubutun. Tawada tana zaune cif, kowane harafi da kaifinsa, babu wanda ya ɗare kan ɗan'uwansa, kuma tambarin kambi da ke ƙarfe 12 ƙarfe ne da aka dasa, ba fenti ba. Kumburin gilashin yana ƙara girman kwanan wata sau biyu da rabi, har lambar ta kusa cika tagar. A jabu mai arha lambar takan tsaya ƙarama a tsakiya. Maɓallin gefe kuwa na murɗawa ne, sai an kwance shi kafin ya ɓullo, kuma a ƙarƙashin kambin da ke kansa akwai ɗan layi kwance. Ɗigo uku na agogon ninƙaya ne irin Submariner, ba su da hurumi a kan Datejust. Idan ka ja maɓallin mataki ɗaya kwanan wata kaɗai zai sauya, idan ka ja har ƙarshe tsinken sakan zai tsaya cak, kuma idan ka juya tsinkaye suka kai sha biyun dare kwanan zai yi tsalle lokaci guda, ba zai riƙa jan jiki na awa ɗaya ba.

Yanzu ga maganar mutum na biyu, wadda ita ce ta fi damuna, domin babu ranar da ba na jin ta, kuma ita ce ta fi raba mutane da kuɗinsu. An ɗauka cewa duk agogon da tsinken sakan ɗinsa yake tafiya sumul na asali ne, wanda yake tsalle sakan-sakan kuma jabu. Wannan magana abu ɗaya tak take bambancewa, wato agogon batir da agogon inji. Ba ta faɗin wanda ya ƙera injin. Tsinken Rolex ma ba sumul yake tafiya ba, injin da ke cikin samfurin 16233, mai lamba 3135, yana bugawa sau 28,800 a awa, wato taku takwas ƙanana a kowane sakan, sai ido ya haɗe su ya ga kamar gudu ɗaya ne. Injin China ko na Japan mai arha, irin wanda ake cusawa a jabu na tsaka-tsaki, yana yin 21,600 a awa, taku shida a sakan. Tsakanin shida da takwas, mutumin da ke tsaye a bakin kasuwa yana kallo da ido tsirara ba zai rantse ya bambance ba. Abin ya wuce nan, domin shekaru da dama ke nan ana kwaikwayon injin 3135 ɗin kansa, yana bugawa daidai sau 28,800, har sassansa suna kama da na asali. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Rolex da kansa ya fitar da agogon batir mai suna Oysterquartz a 1977, tsinkensa yana tsalle sakan-sakan, kuma na asali ne mai daraja. Ka ga gwajin yana wanke jabu, yana kuma kayar da na gaske.

Duk da haka za ka ga dillali ya ɗaga agogo sama, ya ce wa mai saye ya kalli yadda tsinke ke gudu, ya aza masa a tafin hannu ya ji nauyi, shi ke nan an gama bincike, a ƙirga kuɗi. Wasu a kan wannan suke karɓar agogo jingina su ba da bashi mai yawa, sai ranar da mai bashi ya ɓace su kawo mana, mu buɗe mu tarar da inji mai arha zaune a cikin zoben roba. Masu yin jabu sun san abin da mai saye zai duba sarai, shi ya sa gudun tsinke da nauyi su ne farkon abin da suke gyarawa. Haka nan kwali, da kati, da koriyar takardar da ake mannawa a baya, duk ana buga su, har ana sayar da su daban. Wanda kuma zai ce maka ya duba lambar a intanet ta fito, ka sani Rolex ba shi da wani rumbu da ya buɗe wa jama'a don duba lamba, kuma lambar agogon gaske guda ɗaya ana iya kwafe ta a jikin jabu masu yawa. Alamun waje suna iya tabbatar da cewa agogo jabu ne idan ɗayansu ta saɓa, amma dacewarsu duka ba ta isa ta tabbatar da cewa na asali ne ba.

Hukunci na ƙarshe yana cikin inji, kuma a nan ne nake roƙonka ka yi hattara. Murfin Oyster murɗa shi ake yi da mabuɗi mai haƙora da ya yi daidai da tsagoginsa. Mai gyaran bakin titi da zai sa wuƙa ko kurfi ya buga zai kwarzane murfin, ya lalata robar da ke hana ruwa shiga, darajar agogon ta faɗi ko da na asali ne. Kada kuma ka yarda maƙerin zinariya ya goge gefensa ya ɗiga masa ruwan gwaji. Ka kai shi wurin wakilin kamfanin da aka amince da shi, ko ƙwararren da ke da mabuɗin, a buɗe a gabanka tare da wani daga cikin magada. A cikin 3135 za a ga ƙafafu biyu masu launin ja a sashen da ke yi wa agogon wani da kansa, da gada mai ƙafa biyu da ta ratsa saman ƙafar da ke kaɗawa, kuma ita wannan ƙafa da ƙananan noti na zinariya ake daidaita saurinta, babu hannun da ake turawa gaba ko baya. A wannan wuri ne mafi yawan injinan kwaikwayo suke tonuwa. Cikin murfin ma yana ɗauke da sunan kamfani da lamba.

Ka nemi mai binciken ya rubuta lambar samfuri, da lambar agogo, da lambar inji, ya kuma faɗi ko fuska da sarƙa da maɓalli na kamfani ne, domin ana samun inji na asali da fuskar da aka sauya daga baya, musamman mai duwatsu, kuma wannan yana rage kuɗin sosai. Mai binciken kada ya zama shi ne mai saye. Da wannan takarda za ku je wurin mai rabon gado.