Yadda ake saita taɓawa da maɓallan PUBG a ƙaramar waya

Tambaya: "Wayata ƙarama ce, inci 5.5. A PUBG Mobile da na fara harbi sai bindiga ta yi sama, kuma babban yatsana na rufe abokin gaba. Yaya zan yi?"

Ɗan'uwa, fara da maɓallan tukuna. Shiga Settings, sai Controls, sai Customize. Ɗauke maɓallin harbi ka kai shi kusurwar hagu ta sama, ka ƙara masa girma, ka riƙa danna shi da manuniyar hagu. Babban yatsan dama ya huta, aikinsa saiti kawai. Ni haka na daina rufe wa kaina gani.

Tashin bindiga kuwa da ADS ake shawo kansa, ɗaya daga saitunan Sensitivity, wato saurin yadda allo ke bin yatsa. Saitin Camera na aiki lokacin da kake waige-waige, ADS kuma lokacin da kake harbi. Je Training, ɗauki bindigar M416 da madubin saiti na Red Dot, ka zazzage harsashi a bango kana jan yatsa ƙasa. In ramukan sun hau sama, ƙara ADS ɗin Red Dot da biyar. In sun nutse ƙasa, rage. Kada ka kwafi saitin masu iPad, domin yatsanka ba shi da filin da nasu ke da shi.

In kuma allon na danna kansa ko wani gefe ba ya jin taɓawa, cire gilashin kariya ka gwada. Bai daina ba, sai mai gyaran waya.