Haruffa iri ɗaya, GPA daban: amsar Yaya a zauren 'yan gida

Tambayar da aka turo: "Yaya barka da yamma. Sakamakonmu na samistar farko ya fito, makarantarmu ma'aunin 4 take amfani da shi. Na samu A a Turanci (yunit 2), A a aikin lab (yunit 1), B a Kwamfuta (yunit 3), C a Fiziks (yunit 4), F a Lissafi (yunit 4). Ni na lissafa na samu 2.6, ƙawata ta ce 2.9 ne, amma takarda ta nuna GPA 2.07. Ko kuskure suka yi in je in kai ƙorafi?"

Muryar da ya turo, an rubuta ta saboda masu ƙarancin data:

Assalamu alaikum. Ƙanwata, yanzu na sauka daga Keke a Tudun Wada na ga saƙonki, ki yi haƙuri da hayaniyar titi. Kar ki je ofishin kowa tukuna. Ban ga kuskure a 2.07 ɗin nan ba, kuma na san ta inda 2.6 ɗinki ta fito, na san ta inda 2.9 ɗin ƙawarki ta fito. Ki ɗauko biro da takarda mu bi shi tare.

A ma'aunin 4 na asali, wanda makarantun Amurka suka saba da shi, A maki 4 ce, B 3, C 2, D 1, F kuwa babu komai. Ke sai kika tara 4 da 4 da 3 da 2 da 0, kika samu 13, kika raba da kwasa-kwasai 5, ga 2.6. Lissafin bai da aibu in da a ce duk kwasa-kwasan nauyinsu ɗaya. To ba ɗaya ba ne. Ki ɗauka kin shiga kasuwar Samaru kin sayi tiya 1 ta shinkafa mai tsada, kin sayi tiya 4 ta mai araha, kin juye su a buhu guda. In aka tambaye ki nawa tiya ta kama miki, ai ba za ki tsaya a tsakiyar farashin biyu ba, dole ya rinjaya wajen mai arahar tunda ita ta cika buhun. Yunit shi ne tiyar. Yawanci yana nufin awa nawa ake zama lacca a mako, shi ya sa kos mai yunit 4 yake cin lokacinki kusan kullum. Lab kuma, ko da kuna shafe awa 2 ko 3 a tsaye, sau da yawa yunit 1 ake ƙirga shi. Na san da ciwo, amma haka tsarin yake.

To kowane kos sai ki ninka makin harafinsa da yunit ɗinsa. Turanci, 4 sau 2, ya ba ki 8. Lab, 4 sau 1, ya ba ki 4. Kwamfuta, 3 sau 3, 9 ke nan. Fiziks, 2 sau 4, 8. Lissafi, 0 sau 4, sifili. Ki tara: 8 da 4 sun zama 12, da 9 sun zama 21, da 8 sun zama 29. Ki ajiye 29 a gefe. Yanzu ki tara yunit ɗin da kika yi wa rajista gaba ɗaya: 2 da 1 da 3 da 4 da 4, 14 ke nan. Raba 29 da 14. Wayarki za ta nuna miki 2.0714 da sauransu, a tsaya a lamba biyu bayan ɗigo, 2.07. Kin ga abin da ke takardarki.

Ita kuwa ƙawarki, Allah sarki, ta yi ninkin daidai, ita ma 29 ta samu. Inda ta zame shi ne wajen rabawa. Ta ce tunda kin faɗi Lissafi ai ba ki ci yunit ɗinsa ba, sai ta cire 4 ɗin ta raba da 10, ga 2.9. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yaudarar ɗalibai, don yana sanyaya zuciya. F ba ta ƙara miki ko maki ɗaya a sama, amma yunit ɗinta na nan daram a ƙasa. Abin da ake rabawa da shi, yunit ɗin da kika ɗauka ne, ba wanda kika haye ba. Ki duba takardarki da kyau, galibi za ki ga layi biyu na yunit, ɗaya 14 ɗaya 10. Na 10 ɗin don ƙirga abin da ya rage miki kafin ki kammala ne, ba ya shiga wannan lissafin.

Bari in nuna miki wani abu da nake so ya zauna miki, don shi ne zai yi miki amfani samista mai zuwa. A ce haruffan nan naki ba su canza ba, A biyu, B, C da F, sai dai F ɗin ta faɗa kan lab, A kuma ta koma kan Lissafi. Lab ya zama sifili, Lissafi ya zama 4 sau 4, wato 16. Jimla 8 da 9 da 8 da 16, 41. Raba da 14, kin samu 2.93. Haruffa iri ɗaya fa, mutum ɗaya na da 2.93, ɗaya na da 2.07. Ko a ce ma kin lallaɓa kin tsira da D a Lissafin, maki 4 ne za su ƙaru, 33 a raba da 14, 2.36. D ɗin da ake rainawa ta ɗaga ki da kusan 0.3. Shi ya sa in na ga ɗalibi ya kwana yana gyara rahoton lab alhali gobe akwai gwajin kos mai yunit 4, raina ke ɓaci.

Sai abu ɗaya da zan ja kunnenki a kai, tunda gidan nan kowa da makarantarsa. Kar ki ɗauki 2.07 ɗinki ki jera da ta 'yan ABU. Su ma'aunin 5 ne, A tana da 5, B 4, C 3, har da E mai maki 1. C ɗin da ta ba ki 8 a Fiziks, a wajensu 12 za ta bayar. 'Yan foli kuma ma'aunin 4 ne, amma nasu na da haruffan tsakiya irin AB da BC, kuma B ɗinsu ba 3 ba ce, ta ɗara. Wasu makarantun masu tsarin Amurka suna saka ƙari da ragi, A- ta zama 3.7, B+ ta zama 3.3. Ninkawa da rabawa duk hanya ɗaya ce, makin harafin ne ke bambanta. Saboda haka kafin ki taɓa kalkuleta, ki nemi jadawalin makarantarku, yana cikin littafin ɗalibai ko a jikin takardar sakamakon. Naki ya fito daidai da 4, 3, 2, 1, shi ya sa na tabbatar ma'aunin asalin kuke bi.

In samista ta biyu ta fito kuma, kar ki haɗa GPA biyu ki raba da 2 ki ce kin samu CGPA, kuskuren nan naki na farko ne ya sake riga. Ki riƙe 29 da 14 ɗin nan. A ce kin ɗauki yunit 18 kin tara maki 54, wato 3.00. Sai ki haɗa 29 da 54, 83, ki haɗa 14 da 18, 32, ki raba, 2.59. Da kin raba biyu, 2.54 za ki samu, kin cuci kanki.

Maganar maimaita Lissafi, nan ne ya kamata ki je ofis, amma da tambaya, ba da ƙorafi ba. Wasu makarantu sabon harafin ke maye gurbin F a lissafi, wasu kuma dukansu biyun ake ƙirgawa, yunit 4 ɗin su shiga sau biyu. Ki tambayi mai kula da jarrabawar sashenku wanne kuke bi, kuma ki tambaya ko akwai kos na gaba da ba za a bar ki ki yi wa rajista ba sai kin haye wannan. In kin ji amsar ki turo min, tare da hoton jadawalin. An kira magariba, ki gaida su Mama.