Hoton bayan mota bai isa shaidar shekararta ba

Tambaya: "Malam, ina son sayen akori-kura don kwaso amfani daga gona. Dillali ya turo mini hoton bayanta kaɗai, ya ce Hilux ce ƙirar 2012. Akwai tambarin Toyota, a gefe kuma an rubuta 3.0 D-4D. In tura kafin alƙalami? Ina tsoron wani ya riga ni."

Kada ka tura tukuna, ɗan'uwa. Hoton ya gaya maka wasu abubuwa, amma bai gaya maka 2012 ba.

Tambarin nan mai zobba uku, a 1989 Toyota ta fito da shi, kuma har yau shi take sawa. Ka san kamfani, shi ke nan. Rubutun gefen ya fi shi amfani: D-4D na nufin injin dizal ne, 3.0 kuma girmansa, lita uku. Wannan injin an fi saninsa da zubin Hilux na bakwai, wanda aka yi ta ƙerawa daga wajen 2005 zuwa 2015. Zubin da ya biyo baya ya zo da sababbin injina, 2.4 da 2.8. To ka ga mun rage zato zuwa shekara goma. Iyakar abin da zan iya tsaya maka a kai ke nan daga hoto ɗaya.

Danja kuwa, ita ce ke yaudarar manoma, kuma na gaji da ganin kuskure ɗaya ana maimaita shi kowace kaka. A cikin shekara goman nan an yi wa motar kwaskwarima sau biyu, a 2008 da 2011, an taɓa fuska an taɓa fitilu, amma ƙirar bodin ba ta sauya sosai ba. Buɗe ƙofar bodi ka leƙa gefe, za ka ga 'yan kusoshin da ke riƙe da danjar. Kafin ka gama gaisawa da bakanike ya kwance ta 2006 ya ɗaura ta 2012. Tambari ma da gam ake liƙa shi. Kuma babu abin da ya fi saurin fashewa a motar gona irin danja: ta yi baya ta daki kututture, ko buhu ya suɓuce a kanta. Tsohuwar mota da sabuwar danja ba abin mamaki ba ne, ko da babu niyyar cuta.

Ka ce wa dillalin ya matso da waya dab da robar fitilar ya ɗauka, da rana. Akwai ƙananan haruffa da aka zuba a jikinta. Motocin Japan kan fito da fitilun kamfanoni irin su Koito, Stanley ko Ichikoh. In ka ga DEPO ko TYC, ta kasuwa ce, an canja ta, don haka ba ta da ta cewa a kan shekara. Kwatanta ta hagu da ta dama kuma. In ɗaya ta dushe da rana, ɗayar tana sheƙi, ko fentin da ke zagaye da tambarin ya nuna inuwar wani rubutu da aka ɓamɓare, an taɓa wurin.

Sannan ka nemi hotuna uku: gaban motar, farantin da ke ɗauke da lambar shasi, da ƙyallen da aka ɗinka a gindin bel ɗin kujera, wanda galibi yake nuna shekarar da aka yi bel ɗin. Da wuya mai gyaran fuska ya tuna da bel. In bel ya ce 2007, motar ba 2012 ba ce, komai kyan danjarta. Dillalin da ya ƙi turo waɗannan, bar masa motarsa.

Tambaya: "An ce harafi na 10 a lambar shasi shi ne shekara. Haka ne?"

Haka ne ga motocin da aka yi domin kasuwar Amurka: a cikin haruffa 17, A tana nufin 2010, B 2011, C 2012, lambobi 1 zuwa 9 kuma 2001 zuwa 2009. Hilux irin ta wancan manomin ba a sayar da ita a can, don haka kada a dogara da wannan lissafi a kanta.

Tambaya: "Na ga E4 cikin da'ira a jikin fitilar motata. Shekara ce?"

A'a, lambar ƙasar da ta amince da ingancin fitilar ce, 4 kuwa Holan.

Tambaya: "Siginar bayan motar da nake ciniki ja ce, ba ruwan goro ba. Jabu ce?"

Ba lallai ba. Dokar Amurka da Kanada ta yarda da jar sigina a baya, ta Turai kuwa sai ruwan goro. Mai yiwuwa domin kasuwar Amurka ko Kanada aka ƙera ta, kuma in haka ne, kai lissafin harafi na 10 zai yi maka aiki.