Yaushe zan sayi dalar cikon kuɗin kwantena?

"Na yi odar kwantenar tayil daga China a kan dala 20,000, na biya kashi 30, sauran sai bayan wata biyu. In sayi dalar yanzu ko in jira ta sauka?"

Alhaji, abin da ake bin ka dala 14,000 ne, saboda haka duk naira 100 da dala ta ƙara, ka tafka asarar naira miliyan 1.4 tun kayan ba su baro tashar Legas sun kamo hanyar Gusau ba. Fara lissafa ribar da kake sa rai, ka raba ta da 14,000. Abin da ya fito shi ne iyakar tashin da za ka iya jurewa. Idan ribar miliyan 3 ce, tashin naira 215 ya cinye ta kaf.

Ni a ganina ka sayi rabi yanzu ka ajiye a asusunka na dala, sauran kuma ka riƙa saye kaɗan-kaɗan duk mako, ka kammala kwana goma kafin ranar biya, domin aikawa ta banki takan ɗauki kwanaki. Na taɓa jira a 2023, aka saki farashin naira a watan Yuni, na ji a jikina. Ka tuna kuma kuɗin kwastan ma da farashin dala ake lissafa shi, sai ka ware masa rara.