Gishirin masu hawan jini da mai ciwon ƙoda

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da hawan jini da ciwon suga, kuma an ce ƙodarsa ta fara rauni, eGFR ɗinsa, wato ma'aunin ƙarfin tacewar ƙoda, 38 ne. Yana shan losatan, maganin hawan jini. Na samo masa gishirin nan da ake cewa na masu hawan jini ne, mai ƙarancin sodiyam. In fara sa masa a abinci?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ki sa masa. Ki ajiye shi tukuna, har sai likitan da ke duba ƙodarsa ya ga kwalin ya kuma duba jininsa.

Gishirin ba na banza ba ne. Abin da masu yinsa suka yi shi ne, sun rage sodiyam suka cike gurbin da wani gishiri mai ɗauke da sinadarin fotasiyam, wanda za ki ga an rubuta KCl a jikin kwalin. Wani babban bincike da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin kan mutum kusan 21,000, aka fitar da sakamakonsa a 2021, ya nuna cewa gishiri mai kashi 25 cikin ɗari na KCl ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari. Sai dai tun farko ba a sa masu ciwon ƙoda mai tsanani a cikin binciken ba. Haka ma Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ba da shawarar amfani da irin wannan gishiri a 2025, ta cire masu matsalar ƙoda daga cikin shawarar.

Dalili kuwa, ƙoda ce ke fitar da kusan kashi 90 cikin ɗari na fotasiyam ɗin da mutum ya ci, ta hanyar fitsari. Mai lafiya idan ya ci da yawa, ƙodarsa za ta zubar da rarar. Ƙodar Baba kuwa ƙarfin tacewarta bai kai rabin na mai lafiya ba. Ga losatan, wanda magani ne mai kyau da ke kare ƙoda, amma yana rage sinadarin da ke umartar ƙoda ta fitar da fotasiyam. Ga kuma ciwon suga, shi ma yakan raunana wannan hanyar. Abu uku ke nan sun haɗu a kan mutum ɗaya.

Bari mu yi lissafi. Ƙaramin cokalin shayi na gishiri ya kai giram 6, kuma kusan rabin nauyin KCl fotasiyam ne zalla. Idan na hannunki mai kashi 25 ne, cokali ɗaya zai ƙara masa kusan miligiram 800. Idan kuwa irin wanda kashi biyu cikin uku nasa KCl ne, ƙarin zai kai miligiram 2,000, wato kusan abin da ake ƙayyade wa wasu masu ciwon ƙoda na yini guda cur, kafin ma a lissafa wanda ke cikin abincin kansa. Kuma mutane kan saki hannu wajen zubawa, tunda an ce musu na lafiya ne.

Abin da ya fi damuna shi ne, fotasiyam yakan hau ba tare da wata alama ba. Daidai a jini shi ne 3.5 zuwa 5.0. Idan ya wuce 5.5 sai a sake duba magunguna da abinci, daga 6.5 zuwa sama kuwa maganar gaggawa ce, domin yana rikita wutar da ke tafiyar da bugun zuciya, har ta iya tsayawa farat ɗaya. Mutum na iya kai wa 6 yana zaune yana hira. Gwajin jini ne kaɗai ke tona shi. Idan alama ta fito, ita ce kasala, nauyin ƙafafu, jin ɗinɗiris a hannu ko leɓe, ko bugun zuciya ya yi sanyi ko ya riƙa tsallake. Wanda ya ga haka a tafi asibiti nan take, ba a jira gobe.

Haɗarin yakan ninka ranar da ya yi amai ko gudawa, ko ya sha maganin ciwon jiki irin su aibufurofen da daikulofenak, ko aka ƙara masa sifironolakton, maganin hawan jini, ko saftirin, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Kada kuma wannan ya sa a daina losatan ba da sanin likita ba. Gishirin za a cire, ba maganin ba.

Idan har kin riga kin zuba a tukunyar gida kuma yana ci, ki daina, a yi masa gwajin fotasiyam cikin kwana ɗaya ko biyu. Rage sodiyam har yanzu wajibi ne gare shi, amma ta hanyar rage gishirin da aka saba a hankali, kada ya wuce giram 5 a yini. Harshe yakan saba cikin 'yan makonni.