Hukuncin kafa hujja da rubutun hannu da ake jingina wa Shehu Usmanu a binciken tarihi

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ɗalibi ne mai rubuta maƙala a kan tarihin karantar da addini a ƙasar Hausa. A gafakar marigayi kakana na sami wata risala ta Larabci mai warƙa goma sha biyu, an rubuta a farkonta cewa ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ce, a ƙarshenta kuma an ce an gama ta a shekarar "shukr". Da na ɗaga takardar ga haske sai na ga alamar jinjirin wata guda uku a jikinta, a wata warƙar kuma na ga Andrea Galvani Pordenone. Shin ya halatta in rubuta cewa Shehu ya faɗi abin da ke ciki? Kuma yin shakka a kanta ba rashin ladabi ne ga magabata ba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bai halatta ka yanke cewa Shehu ya faɗi wannan magana ba sai bayan ka bincika, domin Allah ya hana mutum bin abin da ba shi da ilimi a kansa, kamar yadda ya zo a aya ta 36 ta Suratul Isra'i. Binciken kuwa ba rashin ladabi ba ne. Abin da malaman hadisi suke kira wijada shi ne ainihin halin da kake ciki, wato mutum ya tsinci rubutu ba tare da ya karɓe shi daga bakin mai shi ko ta hanyar ijaza ba. Sun sharɗanta cewa kada ya ce "na samu da rubutun hannun wane" sai ya tabbatar da hannun, in kuwa bai tabbatar ba, sai ya ce "na samu a wani littafi da aka ce na wane ne".

Kalmar "shukr" da ka gani ramzi ne na lissafin abjadi, wanda kowane harafi yake tsayawa a madadin adadi, kuma malaman Sakkwato tsarin Magrib suke bi, inda shin take dubu ɗaya, kaf ashirin, ra ɗari biyu. Jimla ta zama 1220 bayan hijira, wadda ta soma a watan Afrilu na 1805. Wanda ya lissafa da tsarin gabas, inda shin take ɗari uku, zai sami 520, ya mayar da risalar baya da shekara ɗari bakwai. Shehu ya rasu a 1232, wato 1817, saboda haka ramzin bai saɓa wa zamanin rayuwarsa ba.

Sai dai a nan ne yawancin ɗalibai suke zamewa, domin ramzin yana iya zama shekarar da mawallafi ya gama talifi, yana kuma iya zama shekarar da mai kwafa ya ajiye alƙalami. Masu kwafa a ƙasarmu sun saba ɗauko ƙarshen littafi yadda suka same shi, har da ramzin mawallafi, su bar nasu kwanan watan ba su rubuta ba. Takardar da ke hannunka ta raba wannan gardama. Tambarin jinjirin wata guda uku shi kaɗai ba ya iyakance shekara, domin masana'antu da yawa a arewacin Italiya sun daɗe suna sa shi a takardun da fatake suke ratso Sahara da su ta Tarabulus da Masar. Amma cikakken sunan nan da ka karanta, wanda tambarin wata masana'antar takarda ne a Italiya, masu nazarin takarda suna samunsa ne a rabin ƙarshe na ƙarni na 19 zuwa farkon ƙarni na 20. Tun da ba a yin rubutu a kan takardar da ba a riga an ƙera ba, wannan kwafi an yi shi ne shekaru masu yawa bayan rasuwar Shehu, kuma ba hannunsa ba ne. Ka lura cewa alamar takarda tana nuna lokacin da rubutu ba zai gabace shi ba ne kawai, ba ta nuna ranar da aka yi shi, domin takarda takan jima a hanya da rumbun ɗan kasuwa.

Kasancewar kwafi na baya bai mayar da risalar ƙarya ba, domin mafi yawan littattafan magabata ta hannun masu kwafa suka iso mana. Abin da ya rage shi ne ka auna matanin kansa, kuma malamanmu sun riga mu zuwa wannan hanya. An taɓa kawo wa Alkhaɗib Albagdadi wata takarda da aka ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rubuta wa mutanen Khaibar, sai ya dubi shaidun da ke jikinta ya ce jabu ce, domin akwai Mu'awiya wanda bai musulunta ba sai a shekarar buɗe Makka, bayan Khaibar, akwai kuma Sa'adu ɗan Mu'azu wanda ya rasu tun bayan yaƙin Khandaƙ, kafin Khaibar. Haka za ka yi wa taka. Idan risalar da aka ce an gama a 1220 ta ambaci faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, wadda ta auku a 1808, ko ta yi maganar Sakkwato a matsayin birni mai ganuwa alhali ba a gina ta ba sai a 1809, to ko dai ramzin kuskure ne, ko an cusa magana daga baya, ko kuma jinginawar ce ba ta inganta ba. Ka kuma duba kalmar da ake rubutawa a ƙasan kowace warƙa don nuna farkon ta gaba, tun da littattafanmu ba a ɗinke su, kuma warƙar wani littafi takan shige cikin wani.

Daga nan sai ka nemi wasu kwafe-kwafen a Gidan Arewa da Gidan Adana Tarihi na Ƙasa a Kaduna, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Kwafi biyu da suka fito daga gidajen malamai mabambanta suka dace da juna sun fi goma da aka kwafa daga uwa ɗaya, kuma ana gane 'yan uwa ɗaya ne idan suka yi tarayya a kuskure guda, kamar tsallake layi a wuri ɗaya. In ka sami Abdullahi ɗan Fodiyo ko Muhammadu Bello sun ambaci risalar ko sun ciro magana daga cikinta, wannan ya fi duk abin da ya gabata ƙarfi.

Ko da bincike ya nuna jinginawar ba ta tabbata ba, kada ka yar da ita. Masu bincike sun nuna cewa Tarikhul Fattash na Tumbuktu, wanda aka daɗe ana ɗauka duka tsohon talifi ne, an shigar masa da bushara a ƙarni na 19 don ƙarfafa halifancin Ahmadu Lobbo na Masina. Busharar ba hujja ba ce a kan zamanin Askiya Muhammadu, sarkin Songhai da aka ce a zamaninsa aka yi ta, amma hujja ce mai kyau a kan abin da malaman Masina suke son mutane su gaskata.

Hukuncin shi ne: ya halatta ka kafa hujja da risalar a kan cewa ana kwafa ta ana karanta ta da sunan Shehu a lokacin da aka yi wannan kwafi. Ka rubuta cewa "risala ce da ake jingina wa Shehu, ramzinta 1220, kwafin kuma takardarsa ta nuna bai gabaci rabin ƙarshe na ƙarni na 19 ba". Ba ya halatta ka ce "Shehu ya ce" kai tsaye sai wani kwafi mai zaman kansa ko ambaton wani na zamaninsa ya ƙarfafe ta, kuma ɓoye abin da ka gani a jikin takardar don hujjarka ta yi nauyi ha'inci ne a cikin ilimi. Idan akwai magada da suke da haƙƙi a littattafan kakanka, ka nemi izininsu kafin ka ɗauki hotonta ka wallafa.

Allah ne mafi sani.