Kwamfutar da ke mance kwanan wata: kada ka sayi sabuwa

Tambaya: Malam, kwamfutar tebur da nake rubuta rasit da lissafin ciniki ta fara ba ni ciwon kai. Kullum na kashe ta na cire wuta, washegari sai in tarar kwanan wata ya koma 1 ga Janairu 2015. Shafin banki ya ƙi buɗewa, imel ma haka. Wani ya ce ta tsufa, in sayi sabuwa. Me ka gani?

Amsa: Alhaji, ka riƙe kuɗinka tukuna. Alamar da ka faɗa ta batir ce, wani ɗan ƙarami mai kama da kwabo da ke maƙale a babban allon cikin kwamfutar, wanda masu gyara ke kira madabod. Yawanci lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, kuma yakan yi shekara uku zuwa biyar, wani ma ya wuce haka. Aikinsa shi ne ya riƙe agogo yana tafiya lokacin da babu wuta. Muddin kwamfutar tebur tana jone da soket, ko a kashe take, tana ɗan samun wutar da ke riƙe agogon. Da zarar ka zare waya sai nauyin ya koma kan batir, idan kuwa ya mutu, agogo ya koma ranar da aka dasa masa tun daga masana'anta.

Ga yadda hakan ke hana ka shiga banki. Kowane amintaccen shafi yana da satifiket, wato takardar shaidarsa, mai ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, da yawansu ma na kwana 90 ne kacal. Burauza tana duba waɗannan ranaku ne da agogon kwamfutarka. A ce an ba bankin satifiket ɗinsa a watan jiya, ita kuma kwamfutarka ta dage cewa 2015 ake ciki. A ganinta lokacin aikin takardar bai zo ba, sai ta rufe ƙofa. A Chrome za ka ga NET::ERR_CERT_DATE_INVALID. Ko da ta ba ka zaɓin wucewa, kada ka saba da tsallake wannan gargaɗi, domin ranar da za ka faɗa shafin bogi, gargaɗi mai kama da shi za ka gani, hannunka kuma ya riga ya saba.

Ni abin da ya fi damuna ma ba bankin ba ne, littafinka ne. Yawancin manhajojin lissafi daga agogon kwamfuta suke ɗaukar kwanan wata. Idan ka ba wani kaya bashi na kwana 30 a safiyar da ba ka gyara agogo ba, rasit zai nuna ranar biya 31 ga Janairu 2015. Cinikin ba zai fito a rahoton wannan wata ba, sai ka ga kaya sun ragu a sito amma lissafi bai nuna an sayar ba, ka fara zargin yaronka alhali bai ci ba bai sha ba. In kuma gardama ta taso da mai bashin, takardar da ke hannunka ta raunana. Don haka ka jera rasit ɗinka bisa kwanan wata, ka tsamo duk wanda ya faɗa 2015, ka gyara shi bisa lambar wanda ke gabansa da na bayansa.

Canjin kansa ba wuya. Kashe kwamfutar, zare wayar wuta, buɗe murfin gefe, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin hannunka ya kai allon. Akwai ɗan harshen ƙarfe da ke danne batir ɗin. Ka tura shi gefe, zai ɗago. Sanya sabon, ɓangaren mai alamar + yana kallonka. Sannan ka kunna, ka danna F2 ko Del ka shiga BIOS, wato shafin saitin madabod, ka saita rana da lokaci da hannu, ka adana. Da hannun nan yana da dalili: idan tazarar ta yi yawa, Windows kan ƙi gyara agogo da kanta daga intanet. Kafin ka fara, idan an kulle faifanka da BitLocker, ka nemo dogon mabuɗin ceto mai lamba 48, don wani lokaci sauyin saitin BIOS kan sa ta nema.

Gwajin shi ne ka zare wuta ta kwana. Idan da safe rana ta tsaya daidai, magana ta ƙare. Idan ta sake komawa baya, ko sabon batir ɗin ya daɗe a ajiye ya yi sanyi, ko mazauninsa ya yi tsatsa ko ya saki. Mai gyara zai auna da mita, ya kamata ya ga bolt 3 ko sama kaɗan. Sai an kawar da waɗannan biyun kafin a fara tuhumar allon kansa, kuma a nan ne kawai za ka auna kuɗin gyara da na sayen wata.